Tsakanin Kaushin Harshe da Kewaye-kewaye

Daren wata Talata ne, wajen ƙarfe goma sha ɗaya, ina zaune da kwamfuta a kan cinya ina harhaɗa sakamakon jarrabawar ɗalibai. A lokacin ni ne jami'in jarrabawa na sashenmu, a wata babbar makaranta da ba sai na ambaci sunanta ba. Aikin a faɗe mai sauƙi ne: kowane malami ya turo mini takardar makinsa, ni kuma in haɗa su wuri guda in kai gaban kwamitin sashe. Da na buɗe takardar wani babban malami, wanda shi ya koyar da ni tun ina aji biyu, sai na tarar da wasu gurabe babu maki. Na gaji, an ɗauke wuta, cajin kwamfutar kuma ya kusa ƙarewa. Sai na buɗe imel na rubuta masa: "Malam, makinka bai cika ba, gyara ka sake turowa." Na aika, na kwanta, ban ji na yi wani laifi ba.

Kashegari muka haɗu a barandar ofis. Na rusuna na gaishe shi, ya amsa a taƙaice, sannan ya ce, "Na ga umarninka." Bai ƙara ko kalma ba, ya wuce. Wannan kalma ta "umarni" ta tsaya mini a rai har yamma. Bayan la'asar na ɗauki ƙafa na tafi gidansa na ba shi haƙuri, ya kuwa yafe, amma kafin in tashi ya yi mini wata tambaya da ta fi faɗan ciwo. Ya ce, "To, wane kwas ɗin kake nufi? Uku nake koyarwa. Kuma su wane ne makin nasu bai cika ba?"

A nan na gane cewa saƙona ya yi laifi biyu, ni kuwa ɗaya kawai na zo ba da haƙuri a kai. Kalmomi tara na rubuta, kuma na ɗauka tunda gajere ne, a fili yake. Ashe gajarta daban, bayyana daban. Babu sunan kwas a ciki, babu adadin ɗalibai, babu ranar da nake buƙatar gyaran, babu dalilin gaggawar. Abin da ya fito fili a cikinsa kaɗai shi ne gajiyata da ƙosawata. Mu da muke alfahari da cewa ba mu iya noƙe-noƙe ba, sau da yawa wannan ne halinmu: mukan jefa magana mai kaushi, mu kira ta gaskiya tsirara, alhali wanda aka jefa wa bai ma san abin da ake so ya yi ba.

Kaushin kuwa daga wurare uku ya fito, kuma duk wanda ya tashi cikin Hausa zai ji su ba sai an nuna masa ba. Na farko, babu sallama, babu gaisuwa. Mutumin da ba zan taɓa shiga ofishinsa in fara magana ban tambaye shi kwana da gajiya ba, shi na faɗo wa cikin dare da buƙata. Na biyu, kalmar "makinka". Wannan "ka" ɗin ta ɗauki giɓin da ke cikin takarda ta rataya shi a wuyan mutum, kamar ina cewa kai ne ba ka cika ba. Na uku, "gyara". Wannan sigar umarni ce tsantsa, irin wadda uba yake yi wa ɗansa ko maigida yake yi wa yaron shago. Da a baki na faɗa, da murmushi da sassauta murya sun rage mata kaifi. Rubutu ba ya ɗauke da murmushi. Mai karatu shi ke sa wa saƙo murya, kuma idan bai tarar da alamar girmamawa a ciki ba, muryar da ta fi muni yake sa masa. Ko da Turanci aka rubuta saƙon, kamar yadda aka fi yi a ofisoshinmu, da kunnen Hausa ake sauraronsa.

Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Da zangon karatu na gaba ya zo, aka sake samun gurabe huɗu a takardar Malam, sai na ce wannan karon ba za a kama ni da rashin ladabi ba. Na zauna na tsara abin da a lokacin na ɗauka gwaninta ce:

"Assalamu alaikum, Allah ya gafarta Malam. Da fatan an wuni lafiya, ya iyali, ya ƙoƙari. A yi haƙuri da damun da nake yi, na san ayyuka sun yi yawa. Dama dai maganar makin nan ce, kamar akwai ɗan abin da ya rage. In an samu sarari a ɗan duba, ba wani abin gaggawa ba ne sosai. A yi haƙuri don Allah. Na gode ƙwarai."

Amsa ta zo cikin minti goma: "Wa alaikumus salam. To madalla, za a duba in sha Allahu." Na ji daɗi, na ce an daidaita. Kwana biyar suka wuce babu maki. Kwamiti ya zauna, aka ware sunayen ɗaliban nan huɗu aka ce sai zama na gaba. Ɗaya daga cikinsu ɗan ajin ƙarshe ne da ya dawo ya maimaita kwas ɗin, shi kaɗai ya rage masa. Jinkirin ya sa sunansa bai shiga jerin waɗanda aka tura aikin yi wa ƙasa hidima tare da abokan karatunsa ba, sai da ya jira rukuni na gaba. Ya zo ofishina ya tsaya a bakin ƙofa yana tambayar abin da ya faru, na rasa bakin magana. Da na koma wurin Malam, sai ya buɗe wayarsa ya nuna mini saƙona, ya ce, "Ai kai ka ce ba na gaggawa ba ne." Gaskiyarsa kuwa. Saƙon farko ni ya ja wa kunya ta wuni ɗaya. Na biyu, mai ladabin, wani bawan Allah ya ja wa asarar watanni.

Na daɗe ina duban saƙon nan na biyu, domin kowace kalma a cikinsa kalmar kirki ce, irin wadda aka tarbiyyantar da mu a kanta. Matsalar tana wurin da na ajiye su. Hausa tana da kayan tausasa magana masu yawa, amma wasunsu suna tausasawa ne ta hanyar goge wani abu daga cikin maganar. Dubi "a duba". Wannan "a" ɗin muna amfani da ita don kada mu nuna babba da yatsa, kuma a gaisuwa tana da kyau: an wuni lafiya, an zo lafiya. Amma idan ta shiga cikin buƙata, sai ta ɗauke mai aikin. Wa zai duba? Malam ne, ko ni, ko sakataren sashe? Shi ya sa amsar ma ta dawo da irin tufar da na aika: "za a duba". Na aika buƙata marar mai ita, aka mayar mini da alkawari marar mai shi.

Haka "ɗan" take. "Ɗan abin da ya rage" ya mayar da makomar mutum huɗu abin da bai taka kara ya karya ba. "Kamar" ta sa shakka a kan abin da na gani da idona, na kuma ƙirga. "Maganar makin nan" ta ɗauka cewa Malam yana cikin kaina, ya san wane maki. "In an samu sarari" ta miƙa masa ranar da zai yi aikin, mutumin da a cikin makonnin jarrabawa ba ya samun sarari ko na shan shayi. Ta ƙarshen kuwa, "ba wani abin gaggawa ba ne", ƙarya ce kawai na yi don kunya. Sannan na ba da haƙuri sau biyu a kan aikin da hakkina ne in yi shi, wanda hakan ya sa buƙatar ta zama kamar alfarma nake nema, wadda in an ga dama a yi, in ba a ga dama ba a bari.

Daga nan na tsayar wa kaina ƙa'ida guda, ita nake bi har yau. Kowane saƙon aiki yana da ƙashi uku: abin da ake so, wanda zai yi shi, da lokacin da ake so. Waɗannan ukun ba a tausasa su, yadda suke haka za su tafi, da suna da adadi da rana. Taushin kuma a zuba shi a kewayensu, gwargwadon yadda dangantaka ta buƙata. Mahauci ba ya cire ƙashi don nama ya yi laushi, wuta yake ba shi.

Dama ta uku ta zo bayan shekara guda. A sashenmu makin gwaji 40 ne, na jarrabawa 60. Takardar Malam ta aji uku ta iso ranar Litinin, ɗalibai 86, bakwai daga ciki akwai makin jarrabawa amma gurbin gwaji fayau. Abin da ya fara zuwa mini a rai shi ne layi ɗaya irin na farko, na kuwa rubuta shi, amma ban sa adireshin kowa ba tukuna, don kada yatsa ya riga hankali. Wannan layin shi ne ɗanyen kayan. Sai na tambayi kaina abin da ya rasa, na cike, sannan na nemi inda zai yi suka, na gyara. A wurin taken saƙo na rubuta: "Makin gwajin ɗalibai 7 na aji uku, kafin Laraba 12 na rana". Ga abin da na aika:

"Assalamu alaikum Malam, barka da aiki. Takardar makin aji uku ta iso, na gode. Cikin ɗalibai 86, akwai 7 da gurbin makin gwajinsu ya zo babu komai, ga lambobin rajistarsu a ƙasa. Ina roƙon Malam ya turo mini makin waɗannan bakwai kafin ƙarfe 12 na ranar Laraba, domin kwamiti zai zauna ranar Alhamis da ƙarfe 10 na safe, kuma duk wanda makinsa bai cika ba sai zama na gaba. Idan a cikinsu akwai wanda bai rubuta gwajin ba, Malam ya nuna mini shi in rubuta haka. In kuma Laraba za ta yi wuya, Malam ya sanar da ni gobe Talata in zo ofis in kwafa da kaina. Na gode, Allah ya ƙara girma."

Makin ya iso ranar Talata da daddare: biyar da makinsu, biyu kuma da bayanin cewa ba su rubuta gwajin ba. A ƙasa Malam ya rubuta, "Allah ya yi albarka."

Abin da ya fi yi mini amfani a wannan saƙo shi ne "Malam ya turo". Na daɗe ina ganin zaɓi biyu ne kawai gare ni: ko in ce "ka turo", wanda ya yi tsaye da yawa ga wanda ya koyar da ni, ko in ce "a turo", wanda ya ɓatar da mai aikin. Ashe akwai hanya ta uku da muke bi kullum a baki, wato a kira babba da laƙabinsa a yi masa magana kamar ana ba da labarinsa: ko Malam zai zo, Hajiya ta duba mana, in Alhaji ya amince. Girmamawar ta cika, kuma babu mai tambayar wa ake nufi. Na haɗa ta da "ina roƙon", wadda ta sauke ni ƙasa ba tare da ta sauke buƙatar ba.

Na biyu, na ɗauke giɓin daga kan mutum na mayar da shi kan takarda. "Makinka bai cika ba" hukunci ne. "Akwai 7 da gurbin makin gwajinsu ya zo babu komai" labari ne na abin da na gani, kuma ya fi na farkon ƙarfi, tunda ya zo da adadi da lambobi. Wannan ba kawaici ba ne kawai, adalci ne, domin a lokacin ban san dalilin giɓin ba. Ga shi kuwa biyu daga ciki ba mantuwar Malam ba ce, ɗaliban ne ba su zauna gwajin ba. Da na zarge shi da sakaci, da na yi kuskure a kan biyu cikin bakwai.

Na uku, dalili. Rana da sa'a idan suka zo su kaɗai, sukan yi kama da wa'adin da ƙarami ya gindaya wa babba. Amma da na ce kwamiti zai zauna Alhamis, sai wa'adin ya tashi daga nawa ya koma na aikin, ni da Malam muka zama mutum biyu da lokaci guda ya matsa wa. Na kuma faɗi abin da zai biyo baya, wato sai zama na gaba, a kan ɗalibai na faɗe shi, ban mayar da shi barazana ga Malam ba. Dalili ɗaya ya isa. In aka jera uku ko huɗu, sai ya koma kamar mai kare kansa a gaban alƙali.

Na huɗu, ƙofar fita mai iyaka. "In an samu sarari" ƙofa ce da ba ta da ƙyaure. "In Laraba za ta yi wuya, Malam ya sanar da ni gobe in zo in kwafa" ita ma sassauci ce, amma tana da rana, kuma duk hanyar da aka bi, makin zai iso kafin zama. A ganina mafi girman ladabi a saƙon aiki shi ne rage wa mutum wahala. Lambobin rajista bakwai da na jera sun hutar da Malam bin sunaye 86 ɗaya bayan ɗaya, kuma na tabbata hakan ya fi yi masa daɗi a kan sahu uku na gaisuwa.

Gaisuwar ma na taƙaita ta da gangan. Yawancinmu a waya muke karanta imel, a tsakanin aji da aji ko a cikin mota, kuma abin da ido ke fara gani shi ne take da layin farko. Idan gaisuwa ta cinye rabin saƙo, mai karatu yakan ɗauka na zumunci ne, ya ce sai anjima. Sallama da barka da aiki sun wadatar a rubuce. Tambayar iyali da gajiya tana da wurinta, a baranda ko a bakin masallaci.

Kafin in aika irin wannan saƙo yanzu, gwaji biyu nake yi masa. Na farko, nakan tambayi kaina: shin mutumin zai iya amsa mini da "to, madalla" ba tare da ya ɗauki alkawarin komai ba? In zai iya, saƙon ya yi ruwa, sai in koma in nemo ƙashin da ya ɓace. Na biyu, nakan karanta shi a fili kamar ina tsaye a gaban teburinsa, ga kuma wani baƙo a zaune. Duk kalmar da na ji ba zan iya furta ta a haka ba, ita ce mai sukar, sai in sauya ta. Saƙona na farko ya faɗi gwaji na biyu, na biyun ya faɗi na farko.

Ma'aunin taushin yana sauyawa da mutum, ƙashin ne ba ya sauyawa. Da tsarana ne, da na ce, "Salam, barka da aiki. Ɗalibai 7 na aji uku ba su da makin gwaji, ga lambobinsu. Don Allah ka turo mini kafin 12 na ranar Laraba, kwamiti Alhamis ne." A nan "ka turo" daidai take, "don Allah" guda ɗaya ta ɗauke mata nauyi. Abin lura shi ne ƙananan kalmomin nan da muke yaryaɗawa a baki. "Ka turo mana" a murya lallashi ce, a rubuce tana iya zama ƙosawa. "Ka turo fa" gargaɗi ce. "Ka dai turo" kuwa tana ɗauke da ƙorafin da ba a faɗa ba. Tunda ma'anarsu a murya take, na daina sa su a saƙon aiki. Ga wanda yake ƙasa da ni kuwa na fi kiyayewa, domin shi ba zai tare ni a baranda ya ce ya ga umarnina ba. Zai haɗiye ne, ni kuma ba zan taɓa sanin na yi ɓarna ba.

Akwai kuma abin da kalmomi ba sa gyarawa. Komai taushin saƙo, idan ka sa shugaban sashe a layin Cc tun a karon farko, ka kai ƙara ne, kuma haka za a karanta shi. Saƙon ƙarfe goma sha ɗaya na dare yana da nasa kaushin ko da an cika shi da addu'a, gara a rubuta a bari sai da safe. Idan kuma maganar ta shafi kuskure mai nauyi, ko an riga an sami saɓani, imel ba shi ne wurin farawa ba. A taka a je, ko a buga waya, a yi maganar baki da baki, sannan a biyo da gajeren saƙo mai cewa kamar yadda muka yi magana ɗazu, ga lambobin, ga ranar. A nan rubutun ya zama abin tuni, ba shi ne mai kai labari mai ɗaci ba.

Na bar aikin jami'in jarrabawa shekarun baya, Malam ma ya yi ritaya. Wanda ya gaje ni matashi ne da na koyar, kuma a zangon da ya wuce ni ne na manta gurabe uku a takardata. Saƙonsa ya iso da safe, da sallama, da lambobi uku, da rana da sa'a, da "ina roƙon Malam ya turo". Na buɗe kundina na nemo makin, na aika masa kafin azahar.